Na gaida ogana a kasuwa ya ɓata rai, na ƙyale shi a masallaci ya yi ƙorafi

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a sashen kuɗi na wata ma'aikata a Kano, shekarata biyu da kama aiki. Wata Asabar na shiga Yankaba sayen kayan miya, sai na hango daraktanmu da jallabiya da silifas, yana taya kwandon tumatir. Cikin murna na ɗaga murya na ce, "Ranka ya daɗe, Darakta!" Na durƙusa har ƙasa, na kuma zaro kuɗi zan biya masa. Ya amsa a daƙile, ya hana ni biya, ya bar wurin bai sayi tumatirin ba. Ran Litinin ko kallona bai yi ba. Bayan mako biyu na gan shi a masallacin Juma'a ana huɗuba, sahu biyu tsakaninmu. Gudun kada in sake yin laifi, ana sallamewa na ɗauki takalmina na sulale. Da na kai masa fayil sai ya ce, "Ai na gan ka a masallaci." Na gaishe shi laifi, na ƙyale shi laifi. Ina mafita?

Daga wani ƙaninka a Kano.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kwantar da hankalinka, abin bai ɓaci ba. Mutumin da ya buɗe baki ya gaya maka ya gan ka bai yanke ƙauna da kai ba. Wanda ya riƙe mutum a zuci shiru yake yi.

Bari mu fara da kasuwa, don can ne aka fi yin ɓarna. Gaisuwar da ka yi ba ita ta ɓata masa rai ba. Kalmar "Darakta" ce, da ƙarfin muryar da ta ɗauko ta. Ka san yadda ciniki yake a kasuwanninmu: babu farashi a rubuce, mai kaya yana duban mai saye ne kafin ya faɗi kuɗi. Yana duban shaddarsa da agogonsa da takalminsa, har da makullin motar da ke hannunsa. Babban mutum da ya tashi da sassafe ya sa jallabiya da silifas ya shiga Yankaba da kansa, da gangan ya ajiye alamun nan a gida. So yake a sallama masa kwando a kuɗin da ake sallama wa kowa. Ya yi tayi, an ce albarka, ya ƙara kaɗan, ciniki na gab da faɗawa, sai ga wani ya zube a gabansa yana kiran muƙaminsa. Daga wannan lokacin mai tumatir ba zai sake sauka ba, kuma shi ma ogan ba zai iya ci gaba da jayayya a kan ɗari biyar ba alhali yaronsa na tsugune yana kallo. Kunya ta hana shi tayawa, zuciya ta hana shi biyan kuɗin da ya san an ɗora masa. Abin da ya rage masa shi ne ya tafi, kuma ya tafi.

Ba a kuɗin tumatir kaɗai abin ya tsaya ba. A kasuwa kunnuwa da yawa suke. Da an ji "Darakta" ko "Kwamishina" ko "Manaja", 'yan dako za su taso, masu bara za su kewaye shi, wani zai matso ya ce ɗansa ya gama digiri yana neman aiki. Sannan a wannan zamani da garkuwa da mutane ta sa manya da yawa suka daina son a san ko su wane ne a cikin taro, kiran muƙamin mutum da ƙarfi a bainar jama'a tamkar nuna shi da yatsa ne. Na tabbata ba ka yi wannan lissafin ba, amma shi ya yi.

Batun kuɗin da ka zaro kuma, ka daina shi gaba ɗaya. A al'adarmu babba ne ke biya wa ƙarami. Idan ƙarami ya biya wa babba a gaban mutane, ko dai a ɗauka babban ya gaza, ko a ɗauka ƙaramin na neman wani abu. Kai kuma a sashen kuɗi kake, shi ne mai sa hannu a takardar ƙarin girmanka. Ko da zuciyarka fara ce tas, idan wani abokin aiki ya hango ka kana biya wa darakta cefane, toshiya zai kira shi. Hana ka ɗin da ya yi, ya kare mutuncinsa ya kare naka.

To yaya ake yi? Abu na farko, kada ka yi gaggawa. Ka hango shi, shi bai gan ka ba, kana da 'yan daƙiƙu na duba halin da yake ciki. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Idan yana tsakiyar ciniki, ko yana ƙirga kuɗi, ko yana kan waya, ka dakata gefe ka ci gaba da naka cefanen har ya gama. Idan ya juyo, ka matsa kusa yadda shi kaɗai zai ji ka, ka ɗan rusuna, ka ce: "Salamu alaikum, ina kwana Alhaji? Barka da kasuwa." Alhaji, Malam, Baba idan ya haife ka, duk sunaye ne da ake kiran kowane dattijo da su a kasuwa, ba su tona komai. Ko "ranka ya daɗe" ɗin ba laifi ba ne idan a hankali aka faɗe shi ba a liƙa masa muƙami ba. Kada ka fara miƙa masa hannu. Idan shi ya miƙo, ka karɓa da dama, hagunka na tallafe da damtsenka, ka saki hannun ka taɓa ƙirji. Ka tambayi gida da iyali a dunƙule, ya amsa, ka ce, "Bari in ƙarasa ciki, a sauka lafiya." Duk wannan bai kai minti ɗaya ba.

Tsawon gaisuwar a hannunsa yake, kai naka ka buɗe ta ne ka kuma nuna kana shirin tafiya. Idan yana son hira zai tsayar da kai: zai tambaye ka unguwarku, ko nawa ka sayi albasa, ko ya ce ka raka shi wajen masu attaruhu. Idan ya amsa yana duban wani wuri, ko ya ce "to madalla, sai Litinin", an sallame ka ke nan, kuma ba wulaƙanci ba ne. Kaya kuwa, idan ka ga sun yi masa nauyi, ka ce sau ɗaya, "Kawo in kai maka mota." Ya ba ka, ka kai ka juyo, kada ka tsaya jikin motar kamar mai jiran sallama. Ya ce a'a, ka bar shi, kada ka kama leda kuna ja.

Durƙuson nan har ƙasa ina so in ɗan tsaya a kansa. Mun tashi ana koya mana tsugunawa a gaban iyaye da malamai da sarakuna, kuma masu iya magana sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ban raina wannan tarbiyya ba, ita ce ta sa ka yi abin da ka yi. Amma kowane wuri da irin ladabinsa. A zauren gidansa, ka je gaisuwar salla, ka tsuguna babu mai cewa komai. A tsakiyar kasuwa, cikin caɓalin ruwan tumatir, masu baro na neman hanya, tsugunonka ya zama abin kallo, kuma shi ake kallo fiye da kai. Ga shi kuma malamai da dama suna ƙyamar sunkuyawa mai kama da ruku'u a gaisuwa, suna kafa hujja da hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito, inda aka tambayi Manzon Allah (SAW) ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa idan sun haɗu ya ce a'a, aka tambaye shi musafaha ya ce e. Ba ka san ra'ayin ogan naka a kan wannan ba. Sassauta murya da ɗan sunkuyar da kai da hannu a ƙirji sun isar da girmamawa ga kowane irin mutum.

Akwai kuma inda kawar da kai shi ne ladabin. Ka gan shi a Ƙofar Wambai yana ɗaga gwanjo yana dubawa. Ka gan shi a kemis yana yi wa mai magani bayani ƙasa-ƙasa. Ka gan shi suna sa-in-sa da wani ɗan kasuwa a kan bashi. A irin waɗannan, idan idonku bai haɗu ba, ka canza layi ka tafi, kuma maganar ta mutu a cikinka. Idan ido ya riga ya haɗu, babu sauran ɓuya, domin gudu bayan an ga juna ya fi komai muni: yana nuna masa ka ga abin kunya ne. Ka yi sallama da sakin fuska kamar a bakin titi kuka haɗu, kada idonka ya sauka kan abin da ke hannunsa, ka wuce. Haka idan ka gan shi da mace a Kantin Kwari suna zaɓen atamfa. Ka gaishe shi, ka ce mata "ina wuni Hajiya", ka tsaya nan. Kada ka ce "Madam ce?" Ba ka sani ba ko uwargida ce, ko amarya, ko ƙanwarsa, ko 'yarsa, ko wadda yake nema. Idan yana so ka sani, zai gabatar da ita.

Yanzu masallaci. Shirun da ka yi lokacin huɗuba daidai ne, kuma ko Gwamna ne a sahun gabanka haka za ka yi. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Buhari da Muslim ya nuna cewa ko "yi shiru" ka ce wa na kusa da kai liman na huɗuba, ka yi yasasshiyar magana. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kanta, ba a yin sallama a wannan lokacin, ba a kuma amsa ta. Haka nan ba a tsallaka wuyan mutane don a isa wani wuri. Mutumin da ya yi haka ranar Juma'a, Manzon Allah (SAW) ce masa ya yi ya zauna, ya cutar da jama'a. Saboda haka mai ratsa sahu uku don ya je ya zauna kusa da oga a gan shi, ya saɓa wa addini, kuma ogan mai hankali ba zai ga girmansa ba. Na sha ganin masu matsawa daga sahun farko su ba maigidansu wuri, shi ma ba na so. Wanda ya riga zuwa shi ke da wurin, kuma a sahu masinja da babban sakatare kafaɗa ɗaya suke jerawa. Idan tsoho ne mai ciwon gwiwa da ke buƙatar jingina da bango, ka ba shi don tsufansa, kamar yadda za ka ba kowane tsoho.

Inda ka yi kuskure shi ne bayan an sallame. Hanin magana ya ƙare da sallar, haƙƙin sallama kuma ya dawo. Ƙa'idar a bayyane take a hadisi: ƙarami ke yi wa babba sallama, mai wucewa ya yi wa na zaune, kaɗan su yi wa masu yawa. Kai ne ƙaramin, kai ya kamata ka fara. Ka dubi lamarin da idonsa. Ya ga yaronsa ya gan shi, ya ga ya sunkuyar da kai ya fice. Shi bai san tsoro ne ya kore ka ba. Abin da zai zo masa shi ne, yaron nan fushi yake yi da abin da ya faru a Yankaba, ko kuwa gaisuwarsa ta ofis ce kawai, ta neman gindin zama, da an fita waje babu ita. Fassara ta biyun ta fi yi wa manya ciwo, domin kowane mai muƙami yana kwana da tambayar wa zai gaishe shi ranar da ya sauka daga kujera.

Yadda za ka yi a gaba mai sauƙi ne. Ka bar shi ya gama tasbihinsa da addu'arsa. Idan ya tashi nafila kada ka gifta ta gabansa, kada kuma ka tsaya a kansa kana jira kamar mai bin bashi. Wurin gaisuwa shi ne bakin ƙofa, wajen takalma, ko harabar masallaci a hanyar zuwa mota. Ka matsa ka ce, "Salamu alaikum, barka da Juma'a, Allah ya karɓa mana." A nan musafaha ta fi sauƙi, don kowa na miƙa wa kowa hannu, kuma sau da yawa shi zai fara miƙowa. Idan ka tarar manyan mutane sun kewaye shi suna magana, kada ka kutsa. Ka tsaya inda zai iya ganinka, idan ido ya haɗu ka ɗora hannu a ƙirji ka ɗan sunkuyar da kai, ko ka dunƙule hannu ka yi jinjina. Ya gani, ta isar. Idan kuwa cunkoso ya raba ku, ka aika gajeren saƙo da yamma, "Barka da Juma'a ranka ya daɗe, na hango ka a masallaci jama'a ta hana ni ƙarasowa", in dai dama kuna musayar saƙo. In ba ku yi, ka bari sai Litinin ka faɗa da baki.

Abu ɗaya da nake roƙonka da shi: kada ka taɓa ɗauko maganar aiki a ƙofar masallaci. Ba fayil, ba alawus, ba hutun shekara, ba "ranka ya daɗe batun takardata". Lokacin da nake aikin ofis, mun yi wani maigida da ya daina salla a masallacin da ke kusa da ma'aikatarmu, ya koma yin tafiya mai nisa zuwa wata unguwa, saboda duk Juma'a sai ya tarar da mutum uku ko huɗu na jiransa wajen takalma, kowa da buƙatarsa. Ya taɓa gaya mana cewa har ya kai yana sallame salla gabansa na faɗuwa. Wannan magana ta daɗe tana damuna, domin mu muka raba bawan Allah da natsuwarsa a wurin da ya zo nemanta. Idan shi ya ɗauko maganar aiki, ka amsa a taƙaice ka ce za ka same shi a ofis. Abokan aikinmu Kirista ma haka abin yake a wurinsu: a bari a tashi daga sujada, a gaisa a harabar majami'a, a bar fayil a ofis.

Tun da wata rana za a iya canza maka shugaba, ka riƙe wannan ma. Idan mace ce, ka tsaya da ɗan tazara, "ina wuni Hajiya" ko "ranki ya daɗe", hannunka a ƙirjinka, ba miƙawa. Idan tana tare da maigidanta, shi za ka fara yi wa sallama ka ba shi hannu, sannan ka gaishe ta a taƙaice, kuma kada ka tsaya jan hira da dariya irin ta ofis a gabansa. Idan kuma ogan yaro ne kai ka girme shi, a waje shekaru na da nasu haƙƙin. Mai tarbiyya zai riga ka gaisuwa. In bai yi ba, ka yi masa sallama, ba ta rage ka da komai, amma babu rusunawa.

Saura gyaran abin da ya riga ya faru. Kada ka rubuta takardar ban haƙuri, kada ka aika wani ya roƙar maka, don hakan zai mai da ƙaramin abu babba, ya kuma sa mutum na uku ya ji labarin. Ina fata dai ba ka riga ka ba abokan aiki labarin darakta da silifas yana taya tumatir ba. Idan ka bayar, to wataƙila wannan ne ainihin dalilin shirun ran Litinin, domin magana a ofis ba ta kwana ba ta isa kunnen mai ita ba. Idan ba ka bayar ba, ka ci gaba da riƙe bakinka. Shugaba na lura da wanda ya gan shi a waje bai ji labarin ya dawo masa ba, kuma irin wannan yaron ake yarda da shi a kan abin da ya fi cefane.

Ka nemi lokacin da yake shi kaɗai a ofis, ba baƙo, ba sakatare, zai fi kyau bayan ka gama gabatar da aikin da ya kawo ka. Ka ce masa: "Ranka ya daɗe, ran nan a masallaci na gan ka, nauyi ne ya hana ni ƙarasowa, saboda na lura a kasuwa na yi azarɓaɓi na ɗaga murya. A yi haƙuri." Ka tsaya nan, kada ka ƙara bayani, kada ka ambaci kuɗin da ka so biya. Mai yiwuwa ya yi murmushi ya ce ba komai, mai yiwuwa ya ɗan yi maka nasiha. Ko wanne ya yi, ka ce na gode ka ɗauki fayil ɗinka ka fita. Juma'a mai zuwa, idan Allah ya sake haɗa ku, ka jira shi wajen takalma ka ce masa barka da Juma'a.